Ku taimaka mini da ƙarshen wani gajeren labari

Jama'a, ina rubuta labarin ɗalibai biyu 'yan ɗaki ɗaya, gobe jarrabawarsu ta tsarin adana bayanai, sun kwana suna yi wa juna tambayoyi. Ga inda na tsaya.

Ɗaya ya ce: "Mutumina, zuba 1, 2, 3, 4, 5, 6, 7 a jere cikin bishiyar bincike mai reshe biyu. Kwatanci nawa kafin ka samo 7?"

Ɗayan ya amsa da gadara: "Uku mana. Ai O(log n) ne."

"Zana ka gani."

Ya zana. Kowace lamba ta fi ta gabanta girma, sai ta faɗa dama, bishiyar ta miƙe kamar sanda. Kwatanci bakwai, wato O(n). Uku tana fitowa ne idan 4 ce saiwa, 2 da 6 a ƙarƙashinta.

Matsalata ita ce gyaran. Ina so wanda ya fāɗi ya gano juyawar AVL, dabarar daidaita bishiyar don kada ta karkata gefe ɗaya, da kansa: da shigar 3, ɓangaren daman 1 ya fi na hagu tsawo da 2, sai a juya hagu, 2 ta hau sama. To yaya zan sa ya faɗi haka da baki ba tare da hirar ta koma lacca ba? Ko in bar shi yana zane kawai, abokin na tsokanarsa?