Kalmar sirri ɗaya ta zagaye asibitinmu: ina mafita?

Jama'a, a taimaka min. Ni ke riƙe kwamfutoci 6 a wani ƙaramin asibiti a Agege, ba ni da mataimaki. Na rubuta doka cewa kowa ya riƙe asusunsa, kalmar sirri haruffa 12, a canza ta duk kwana 90.

Doka ta ƙi zama. Nas-nas suna mantawa, sai su rubuta a takarda su manna jikin allo. Masu aikin dare kuwa da asusun mutum ɗaya suke shiga, don haka da aka sauya bayanin maganin wani majinyaci, na kasa gano wanda ya taɓa. Wannan ya tayar min da hankali.

In soke canjin kwana 90, sai an ga alamar kalmar ta fita? Kuma wa zai sabunta wa wanda ya manta cikin dare, ba na nan?