Neman shawara: yadda zan kwatanta `bubble sort`, `merge sort` da `quick sort` a jarrabawa

Mai tambaya, ɗalibar aji biyu a sashen ilimin kwamfuta:

Assalamu alaikum. A gwajin da muka yi an ce mu kwatanta waɗannan hanyoyi uku na jera lambobi, mu faɗi yadda lokacin aikin kowace yake ƙaruwa. Na rubuta O(n²) ga `bubble sort`, na rubuta O(n log n) ga sauran biyun, amma maki 4 cikin 10 na samu, kuma malamin ya ja jan biro a ƙarƙashin `quick sort` ya rubuta "a wane yanayi?". Jarrabawa ta ƙarato, ina roƙon yayyena da malamaina su nuna mini abin da ya ɓace a amsata.

Wani ɗalibin aji uku:

Wa'alaikumus salam, ƙanwata. A ganina amsarki daidai take, domin kowa ya san `quick sort` ita ce mafi sauri a cikin ukun, kuma O(n log n) ake rubuta mata. Wataƙila malamin so yake ki ƙara da cewa `merge sort` tana buƙatar ƙarin wurin ajiya mai girman n, alhali `quick sort` a cikin jerin da aka ba ta take yin musanyarta. Ki ƙara wannan jimla, ina zaton makin zai dawo.

Wani malami da ke koyar da darasin:

Maganar wurin ajiya gaskiya ce, amma jan biron yana wani wurin dabam. 'Yata, kin ba kowace hanya amsa guda, alhali tambayar tana neman uku ga kowace: yanayi mafi sauƙi, matsakaicin yanayi, da yanayi mafi muni. A `merge sort` ukun duk ɗaya ne, shi ya sa ba a ja miki layi a can ba. A `quick sort` kuwa mafi munin yanayi O(n²) ne, daidai da `bubble sort`. Idan ina duba takarda, dalilin da ɗalibi ya kawo nake bai wa mafi yawan maki, don haka bari mu ƙirga da hannu a kan lambobi takwas: 7, 3, 9, 2, 6, 4, 8, 1.

`bubble sort` tana gwada kowace lamba da maƙwabciyarta, ta musanya su idan ta hagu ta fi girma. A zagayen farko za a yi gwaji 7, lamba 9 ta yi ta gangarawa har ƙarshe, jerin ya koma 3, 7, 2, 6, 4, 8, 1, 9. Ki lura da lamba 1: taku ɗaya kawai ta matso hagu, kuma haka za ta riƙa yi a kowane zagaye, sai an zagaya sau bakwai kafin ta iso gaba. Gwajin zai zama 7+6+5+4+3+2+1 = 28, wato n(n−1)/2, kuma da yake n² ne ya rinjaya a cikin wannan lissafi, sai a rubuta O(n²).

`merge sort` raba jerin take yi gida biyu, ta sake raba kowane gida, har kowace lamba ta tsaya ita kaɗai. Daga 8 zuwa 4, zuwa 2, zuwa 1, matakai uku ke nan, kuma log₂ 8 = 3. Sannan a fara haɗewa. Matakin farko ya ba mu 3, 7 da 2, 9 da 4, 6 da 1, 8 bayan gwaji 4. Na biyu ya ba mu 2, 3, 7, 9 da 1, 4, 6, 8 bayan gwaji 6. Na ƙarshe ya haɗe waɗannan biyun da gwaji 7, jimilla 17. Kowane mataki yana taɓa dukkan lambobin sau ɗaya, matakan kuma log n ne, daga nan n log n ta fito. Rabawar ba ta duba darajar lambobin, tsakiya take yankewa ko yaya jerin ya zo, shi ya sa babu jerin da zai iya lalata mata lissafi. Idan akwai wuri a takardar, ki rubuta T(n) = 2T(n/2) + cn.

`quick sort` ta bambanta a wuri guda. Tana zaɓar lamba ɗaya ta mai da ita ma'auni, abin da takardar tambaya za ta kira `pivot`, sai ta tura ƙanana hagu, manya dama. Girman gidajen biyu ya dogara kacokan ga wannan zaɓi. Idan kin ɗauki 7 a jerinmu, hagu za ta samu lambobi biyar, dama ta samu biyu, rabon bai yi daidai ba amma an ci gaba. Idan kuwa lambar ƙarshe kika ɗauka, wato 1, za ki yi gwaji 7 ki tarar hagu babu komai, dama na ɗauke da sauran bakwai ɗin. Yanzu ki ɗauka jerin ya zo a jere tun asali, 1 zuwa 8, kuma kullum lambar ƙarshe ce ma'auni. Kowane zagaye lamba ɗaya tak yake cirewa, gwajin ya koma 7+6+5+4+3+2+1 = 28, kuma T(n) = T(n−1) + cn. Wannan shi ne amsar "a wane yanayi?". Jimlar da nake so in gani ita ce: tana O(n log n) a yanayi mafi sauƙi da matsakaici, tana O(n²) idan ma'aunin ya riƙa faɗawa kan mafi ƙanƙanta ko mafi girma, kamar jerin da aka riga aka jera idan ana ɗaukar lambar farko ko ta ƙarshe, kuma ana rage wannan haɗari ta hanyar zaɓar ma'aunin ba bisa wani tsari ba, ko ɗaukar matsakaiciya cikin lambar farko da ta tsakiya da ta ƙarshe.

Ɗalibin aji uku ya sake magana:

Na karɓi gyara, Malam, Allah Ya ƙara ilimi. Sai dai har yanzu ina da ja a wuri ɗaya, domin duk inda na gwada su a kwamfutata da lambobin da aka watsa ba bisa tsari ba, `quick sort` ce take riga gamawa.

Malamin:

Abin da ka gani yana faruwa sau da yawa, kuma bai saɓa wa lissafin ba. Alamar O ba ta nuna ƙananan lambobin da ake ninka lissafin da su. A matsakaicin yanayi `quick sort` tana yin gwaji kusan 1.39 n log₂ n, wanda ya ma fi na `merge sort` yawa, amma ba ta kwashe lambobi zuwa wani jeri ta dawo da su, kuma tana aiki a kan lambobin da ke kusa da juna a ma'ajiya, abin da injin yake yi da sauri. Ka rubuta "ta fi sauri a aikace a mafi yawan lokuta", kada ka rubuta "ta fi sauri" ka tsaya.

Wata da ta kammala karatu bara:

Ni a kan `bubble sort` na taɓa rasa maki, kuma har yau abin yana damuna. Na rubuta cewa yanayinta mafi sauƙi O(n) ne, aka soke. Da na je na duba, sai na tarar tsarin da ke cikin takardar tambayar ba shi da alamar da ke tsayar da aikin idan an yi zagaye ba a musanya komai ba. Wanda na haddace kuwa yana da ita:

```python
for i in range(n - 1):
    swapped = False
    for j in range(n - 1 - i):
        if a[j] > a[j + 1]:
            a[j], a[j + 1] = a[j + 1], a[j]
            swapped = True
    if not swapped:
        break
```

Da wannan alama, jerin lambobi takwas da ya zo a jere gwaji 7 kawai zai ci a fita. Idan babu ita, sai an yi 28 ɗin nan cif, ko da ba a musanya ko ɗaya ba. Saboda haka, ƙanwata, idan an ba ki tsarin a rubuce ki karanta shi layi-layi kafin ki amsa, idan kuma ba a ba ki ba, ki rubuta sharaɗin da hannunki: O(n) idan akwai alamar tsayawa, O(n²) idan babu. Akwai kuma abu ɗaya da aka tambaye mu wanda da yawanmu ba mu shirya masa ba, wato ko hanyar tana barin abubuwa masu daraja ɗaya a tsarin da suka zo. Idan an jera ɗalibai bisa harafin sunayensu, sannan aka sake jera su bisa maki, biyu kuma suka samu 65, `bubble sort` da `merge sort` za su bar su yadda suke, matuƙar an rubuta gwajin daidai, amma `quick sort` da aka saba koyarwa tana iya juya su.

Wani sabon ɗalibi:

Ni na ɗauka lokacin da ake magana a kai daƙiƙu ne. Da ba zai fi ba ta gwada ukun a kwamfuta, ta rubuta daƙiƙun da kowace ta ci, ta haddace su ta shiga da su?

Wadda ta kammala bara:

A'a, ƙanena, daƙiƙun kwamfutarka da na tawa ba za su zo ɗaya ba. Abin da ake tambaya shi ne yadda yawan aikin yake hauhawa idan jerin ya ƙaru. A lambobi takwas tazarar 28 da 17 ba ta da yawa, amma a lambobi 1,000 `bubble sort` za ta kai gwaji 499,500, alhali `merge sort` ba za ta wuce 8,977 ba. Idan aka ninka jerin biyu, aikin ta farko ya ninku kusan huɗu, na ta biyun kuwa ya ɗan haura ninki biyu kaɗan.

Mai tambaya:

Na gode ƙwarai, Malam da Yaya, na sake ƙirga 17 da 28 ɗin da kaina sun fito. Saura abu biyu. A wani littafi na ga Θ a inda muke rubuta O, sannan game da wurin ajiyar `quick sort` wani ya rubuta O(1), wani O(log n). Wanne zan bi?

Malamin:

O iyakar sama ce, Θ kuma tana ɗaure lissafin sama da ƙasa, don haka Θ(n log n) ga `merge sort` ta fi O(n log n) tsauri, ko da yake duka biyun gaskiya ne. Ki bi alamar da aka yi tambayar da ita. Game da wurin ajiya, ni O(log n) nake karɓa a matsakaicin yanayi, domin kowane kiran da aikin ya yi wa kansa yana riƙe ɗan wuri har ya dawo, kuma zurfin kiran yana iya kaiwa n idan rabon ya lalace kamar a jerin 1 zuwa 8.

Wadda ta kammala bara:

Malam, da girmamawa, mu wanda ya koyar da mu O(1) ya karɓa, domin shi jerin wucin gadi kaɗai yake ƙirgawa, ba ya sa wurin kiran a lissafi. Ƙanwata, ki buɗe takardun darasinku ki ga wanne malaminku ya rubuta, in kuma bai rubuta ba, ki same shi a ofis kafin ranar jarrabawa ki tambaye shi kai tsaye.