Neman kalma kafin darasin Litinin: ruwan da ke hawa kan ruwa

Malamin Lissafi: Salamu alaikum. Ina yi wa ɗaliban aji biyun babbar sakandare darasin maraice da Hausa, mu naɗi murya mu tura musu a waya. Wata ɗaliba ta ɗauko hoton tambaya daga littafi ta turo mini, jibi Litinin zan naɗa. A saman shafin an rubuta `compound interest`, kuma kalmar nan ta maƙale mini. Tambayar na cewa an ajiye naira 200,000 a banki shekara 3, kuɗin ruwa kashi 12 cikin ɗari a shekara, ana lissafa ruwan duk kwatan shekara, nawa za a tarar? Lissafin bai dame ni ba. Sunan nake nema, da sunan wannan tazarar da ake lissafa ruwan a kanta.

Baban Ummi: Wa'alaikumus salam. Kuɗin ruwa mai ninkuwa. An gama.

Hajiya Akanta: Ba a gama ba, Baban Ummi. Kana cewa ninki, yaro zai ji 200,000 ta zama 400,000, alhali a tambayar nan kuɗin bai ko kai 290,000 ba. A kashi 12 sai ya yi wajen shekara shida kafin ya ninka. Abin da sunan ya kamata ya kama shi ne ruwan da aka samu ba a kwashe shi, ana mayar da shi cikin uwar kuɗi, shi ma ya fara jawo ruwa. Shekarar farko 200,000 ta haifi 24,000, an koma 224,000. Shekara ta biyu kashi 12 na 224,000 za a ɗauka, 26,880 ke nan, ba 24,000 ba. Wannan 2,880 da ta ƙaru ita muke nema wa suna. Da ruwan uwa kaɗai ake biya, 24,000 sau uku ne, 272,000 a ƙarshe. Da mayarwa shekara-shekara kuwa 280,985 da kwabo 60. Mu a wurin aiki in muna yi wa ɗan kasuwa bayani, ruwa kan ruwa muke cewa, bai taɓa tambayar me ake nufi ba.

Na Sakkwato: Ku dakata. Tunda Bahaushe ya riga ya ce uwar kuɗi, ai ya shimfiɗa mana tabarma. Uwa ta haifi ɗiya, shi ne ruwa. Ɗiya ta haihu, jika ke nan. Sai mu ce *ruwan jikoki*. Na ɗaya kuma, wanda ruwan uwa kaɗai ake biya, ruwan ɗiya. Kalma biyu, Hausa tsantsa, ba aro.

Baban Ummi: Kai, wannan ta yi daɗi! Kamar akuya ce, ka bar 'ya'yan a garke su ma su haihu.

Hajiya Akanta: Misalin akuyar zai yi a aji, amma da gyara. 'Yar akuya sai ta girma take haihuwa. Ruwa kuwa ranar da aka zuba shi cikin uwa ranar yake fara aiki. Kuma a kwata goma sha biyu an wuce jika da tattaɓa-kunne, an shiga zuriyar da ba ta da suna.

Na Sakkwato: Hajiya, jikoki ai jam'i na, ya ɗauke su duka.

Ummu Salma: Ni dai ban gane ba, wannan ba kamar adashi ba ne? Mu goma muke zubi, dubu ashirin-ashirin, in ɗaukata ta zo 200,000 nake kwasa.

Hajiya Akanta: A'a ƙanwata. A adashi abin da kika zuba shi kike ɗauka, ko sisi ba ya ƙaruwa. Lambar ce kawai ta zo ɗaya.

Allah Gafarta: Kafin ku yi nisa da raɗa wa abu suna mai daɗi. Wannan abu yana da suna tun tuni, riba ce, kuma Alƙur'ani ya ambaci irinta a Ali Imrana aya ta 130, ninki-ba-ninki. Ku kira ta da sunanta. In kuka ce jikoki yara za su ɗauka abin sha'awa ne.

Malamin Lissafi: Allah gafarta Malam, na ji, kuma zan faɗa wa yaran hukuncin a farkon darasi. Matsalata da riba a rubuce take. Ribar ɗan kasuwa da ribar da aka haramta harufansu ɗaya a boko, sai a baki ake rarrabewa. In na rubuta riba a allo rabin aji za su ɗauka ta saye da sayarwa ce. Kuma jarrabawa ba za ta fasa kawo tambayar ba. Lissafin nan shi ne na hauhawar farashi da ƙaruwar jama'a, har wanda ya kai kuɗinsa bankin da ba ruwa, irin Jaiz, in ya bar rabonsa na riba cikin jari haka zai riƙa hawa, sai dai ba a yanka masa kaso tun farko ba.

Allah Gafarta: To a bar kalmar ruwa a ciki ko ta halin ƙaƙa. Kowa ya san kuɗin ruwa ba abin alfahari ba ne.

Ɗan Damagaram: Mu nan da Faransanci muka koye shi, su ma haɗaɗɗe suka ce kamar Ingilishi. Me zai hana haɗaɗɗen ruwa?

Baban Ummi: Haɗaɗɗe a bakin yaran Kano yanzu abu mai kyau ne. Haɗaɗɗen ruwa sai su zaci na gora mai sanyi.

Na Sakkwato: Ga ta nan. Kullum sai abin da bakin Kano ya ɗauka. Kalma in ba ta bi ta Kantin Kwari ba ba Hausa ba ce? Ruwa kan ruwa fa ba suna ba ne, bayani na. Harshen da bai ƙirƙira sai dai ya yi ta kwatance, yaushe za ya koyar da kimiyya?

Ɗan Damagaram: Ranka ya daɗe, mu da ake yi wa dariya kullum ba mu yi fushi ba, sai kai?

Malamin Lissafi: Jama'a, Litinin fa. A taimaka da ta biyun, tazarar. Ga dabarar yadda take a littafi:

```
A = P(1 + r/n)^(nt)
```

A abin da za a tarar, P uwar kuɗi, r kason shekara, t shekaru, n kuma sau nawa ake lissafa ruwan a shekara. Wannan n ɗin nake so in kira da Hausa ba tare da na yi jimla guda ba.

Baban Ummi: Kwata ai wata huɗu-huɗu ne, n = 3 ke nan. Na buga na sami 284,662.

Hajiya Akanta: Ka ga dalilin da ya sa sunan ke da amfani. Kwata rubu'in shekara ne, wata uku, sau huɗu a shekara, n = 4. Malam, ni zango zan ce. Yara sun san zangon karatu, sun san shekara na rabuwa zango-zango. A ƙarshen kowane zango ake tsayawa a zuba ruwa cikin uwa. Sai ka karanta musu dabarar da baki: raba kason shekara da yawan zango, 12 raba 4, kashi 3 kowane zango. Sannan ƙirga zango nawa ne gaba ɗaya, 4 sau 3, goma sha biyu. Zangon farko 200,000 ta zama 206,000. Na biyu kashi 3 na 206,000 ne, 6,180, an koma 212,180. Haka har sau goma sha biyu:

```
200000 × 1.03^12 = 285152.18
```

Kada ka ba su dabarar sai sun yi zango biyu ko uku da hannu. In sun ga 180 ɗin nan da idonsu, sauran mai sauƙi ne.

Ummu Salma: To ashe in banki na zubawa kullum mutum ya yi arziki ke nan.

Hajiya Akanta: Nan ne mutane ke ruɗuwa. Daga shekara-shekara zuwa kwata-kwata an ƙaru da naira dubu huɗu da 'yan kai. In aka koma wata-wata, kashi 1 sau 36, za a sami 286,154, ƙarin dubu ɗaya kacal. Kullum-kullum kuwa wajen 286,649, ƙarin bai kai ɗari biyar ba. Ko da kowane daƙiƙa ake zubawa ba zai wuce 286,666 ba. Dalili shi ne duk lokacin da kika ƙara yawan zango kin rage kason kowane zango daidai gwargwado, abin da kike ci kawai shi ne ruwan ya fara aiki da wuri. Kashi 12 na kwata-kwata daidai yake da kashi 12.55 na sau ɗaya a shekara. Bankin da ya ce 13 sau ɗaya ya fi wanda ya ce 12 kullum.

Malam, wannan zai ba ka ma'aunin duba amsa. Duk amsar da ta faɗo ƙasa da 272,000 ko ta haura 286,666 akwai kuskure. Wanda ya kawo 779,195 ya manta bai raba kason ba, ya ba kowane zango kashi 12. Wanda ya kawo 218,545 ya raba kason amma ya bar zangon a uku, wata tara kawai ya lissafa. Kuskuren Baban Ummi ne ma'aunin ba ya kamawa, don 284,662 ta zauna a tsakiya lafiya lau. Shi sai an duba n.

Baban Ummi: Na karɓa. Amma a makaranta zango uku ne a shekara, Hajiya. Kina cewa zango, yaro zai sa 3 kamar yadda na sa.

Hajiya Akanta: Wannan gaskiya ne. Sai Malam ya riƙa faɗin tsawonsa, zangon wata uku, zangon wata ɗaya.

Na Sakkwato: Zango na yarda da shi, kalmar fatake ce tun kafin boko. Amma ku lura, da kun ɗauki tawa sai a ce zangon haihuwa, komai ya zauna gida guda: uwa, ɗiya, jika, haihuwa.

Allah Gafarta: Sai a yanka rago ran suna.

Malamin Lissafi: Na gode ƙwarai. Ga abin da zan naɗa: ruwa-kan-ruwa, da karan ɗori don ya zama suna, sai zangon zubi ga tazarar. Uwa da jikoki zan yi amfani da su wajen bayani, Malam Na Sakkwato, kuma zan ce daga Sakkwato na samo. Ɗaya nau'in, wanda ruwan ba ya komawa cikin uwa, har yanzu ban sami wanda ya kwanta mini ba. Ruwa zalla ya yi kama da na sha.

Ummu Salma: Zubi kuma? Ai yanzu aka ce mini ba adashi ba ne.

Malamin Lissafi: Kash. To zangon ruwa, zuwa Litinin dai.

Na Sakkwato: Ku naɗa yadda kuka so. Ni a nawa ajin ruwan jikoki za ni ci gaba da cewa, na ɗaya kuma ruwan ɗiya yana nan in kun gaji da nema.