Don Allah me zan kira "lục bát" da Hausa?

Malamar Adabi: Salam jama'a. Jibi ina da darasi kan waƙoƙin baka na Biyetnam, na maƙale a "lục bát". Ma'anarsa kawai shida takwas, ɗango na farko gaɓa 6, na biyu gaɓa 8, haka har ƙarshe. Me zan rubuta a allo?

Ɗan Gusau: Ƙwar biyu mana Malama, ba sai an wahala ba.

Baba Mai Kari: A'a ɗana, ƙwar ɗango take ƙirgawa, nan gaɓa ake ƙirgawa. Kuma amsa-amonsu ba a wutsiya kaɗai yake ba, gaɓa ta 6 a gajeren ɗango ita ke amsa gaɓa ta 6 a cikin dogon, sannan ta 8 ta miƙa wa ɗango na gaba sabon amo. Ga gwaji:

Ruwa ya sauka yau
Gonarmu ta yi kyau Baba

Yau da kyau sun haɗu, ɗango na uku kuma dole ya ƙare da "ba".

Sarkin Ƙira: To ai shi ke nan, SARƘAƘƘIYA! Na ƙirƙira, a riƙa ambatona.

Malamar Adabi: Baba na gode, amma karin sautin fa? Suna da guda 6, sun kasa su gida biyu, "bằng" da "trắc". Gaɓa ta 2, ta 6 da ta 8 bằng, ta 4 trắc.

Ɗan Gusau: Sama da ƙasa kenan, irin namu.

Baba Mai Kari: Nan ake faɗawa rami. Bằng ya haɗa sauti biyu, ɗaya miƙe ɗaya na ƙasa mai gangarawa a hankali, har ma a dogon ɗango in ta 6 ta ɗauki ɗaya dole ta 8 ta ɗauki ɗayan. In kin ce sama da ƙasa kin raba 'yan gida ɗaya. Ni zan ce kwantacce da karyayye. Amsa-amon kari dai muna da shi dama, kar a nemo wani suna.

Sarkin Ƙira: Ba wanda ya tanka sarƙaƙƙiya ta. Matsalarmu kenan, sai Bature ko Balarabe ya raɗa suna mu yarda.

Hajiyar Maraɗi: Ina Bature a nan? Kuma sarƙaƙƙiya a wurinmu ƙaya ce da rikici, yara za su ɗauka waƙar ce ta rikice.

Sarkin Ƙira: Ku ai rabin maganarku Faransanci ne.

Hajiyar Maraɗi: Naku kuma "mota" daga Daura ta fito ko?

Malamar Adabi: Haba jama'a. Baba, yau da kyau duk faɗau ne, kwantacce zan ƙirga su ko karyayye?

Baba Mai Kari: Kunnena ya ce kwantacce, amma ban rantse ba. Abin da ya fi damuna su kusan kowace gaɓa kalma ce, mu gaɓa 6 kalma uku ko huɗu ce, in kin tilasta karin ma'ana za ta tsere.

Malamar Adabi: To zan rubuta 'yar shida-takwas, karin kuma in yi bayani da baki.

Sarkin Ƙira: Ba daɗin faɗi wallahi. Ko a gefen allo ki sa tawa.