Sun kira ni intabiyu, amma saƙon bai faɗi wuri ba

Ɗan Garwa: Salamu alaikum 'yan uwa. Wata ƙungiyar agaji mai ofis a Marwa ta turo min imel cewa intabiyu ranar Alhamis, "10h00 GMT". Ba wuri, ba sunan masu tambaya, ba takardun da zan kawo. Yaya zan tambaya ba tare da na zama mai naci ba?

Sani Kuseri: Kai dai ka hau mota ran Laraba ka kwana a Marwa, tara na safe kana ƙofarsu. Yawan tambaya sai su ce ba ka da wayo.

Hajiya Mairo: A'a Sani, kar ka sa yaro asarar kuɗin mota. Ɗana, wannan GMT ɗin shi ne abin lura. Agogonmu na Kamaru da Chadi yana gaba da GMT da awa ɗaya, wato 11 ke nan a wajenmu. Kuma wanda ke zaune a Marwa ba kasafai zai rubuta maka GMT ba. Ina zaton mai saƙon yana wani gari kamar Dakar, kuma ta Teams ko Zoom za a yi.

Ka amsa a kan saƙon nasu, kar ka buɗe sabo. Ka gode, ka ce za ka halarta, sannan ka rubuta abin da ka fahimta don su ce e ko su gyara: Alhamis kaza ga wata, ƙarfe 11 agogon Kamaru. Sunan watan ka rubuta shi da haruffa, domin 04/05 wani Mayu zai karanta, wani Afrilu. Daga nan sai tambayoyin: a ofis ne ko ta bidiyo? In ofis ne, wace unguwa, wa za ka nema a bakin ƙofa? In bidiyo ne, su turo mahaɗin da lambar da za ka kira in intanet ta yanke. Akwai jarrabawar rubutu? Duka kar ya wuce layi shida, kuma yau za ka tura.

Takardu kuwa, tambayi ko kwafi mai hatimin hukuma suke so ko su ga na asali. In har da kaziye, wato takardar da ke nuna ko kotu ta taɓa hukunta ka, tashi tsaye tun yanzu, don daga kotun inda aka haife ka ake karɓo ta, kuma galibi wadda ba ta wuce wata 3 ba ake nema.

Malam Buba: Ni fa irin wannan saƙon ya taɓa cin min kuɗi, wai kuɗin dosiye. Duba adireshin, in @gmail.com ne ba sunan ƙungiyar ba, ka yi hattara. Ko dala kar ka tura.

Ɗan Garwa: Adireshin ƙungiyar ne Malam. Hajiya, sunayen masu tambayar fa?

Hajiya Mairo: Muƙamansu za ka tambaya, wasu ba sa ba da suna. In shugaban sashe na ciki, tambayoyin aiki za ka sha.

Sani Kuseri: Wannan kam ni ba zan tambaya ba. In kuma har Laraba ba su amsa ba fa, Hajiya?