Muhawara: 1.250 dubu ne ko ɗaya da kwata?

Mai Riɗi: Jama'a ku ga jahilci. Dillalinmu na Maraɗi ya turo nauyin kaya ta waya: 12,5 da 1.250 da 300. Na kwafa cikin Excel, jimilla ta ba ni 301.25. Wa ke rubuta lamba haka?

Ɗan Katsinawa: Malam janye kalmar nan. A Nijar da waƙafi muke raba cikakkiyar lamba da ɓurɓushinta, haka aka koya mana tun firamare. Kilo goma sha biyu da rabi ya rubuta maka.

Baban Ummi: Jahilci ne mana, duk duniya ɗigo ake sawa.

Ɗan Katsinawa: Faransa da Jamus ba a duniya suke ba?

Hajiya Akanta: Ku tsaya. Kwamfutarka saitin Ingilishi gare ta, shi ya sa ta ɗauki 12,5 a matsayin rubutu, ta tsallake shi wajen tarawa. Duba, za ka ga ya manne a hagun gurbi, lambar gaskiya kuwa dama take komawa. Shi kuma 1.250 ta karanta shi ɗaya da kwata, alhali dubu ɗaya da ɗari biyu da hamsin dillalin ke nufi. Ainihin jimillar 1,562.5 ce. Ka mai da jerin `Text` kafin ka sake kwafowa, don da zarar sifirin ƙarshe ya faɗi ba ka da shaidar dubu ce. Sannan, in lambobin sun fara daga gurbin B2, a jeri na gaba ka rubuta wannan, ka ja shi ƙasa:

```
=NUMBERVALUE(B2,",",".")
```

Sai ka danna `Ctrl+1`, ka ba jerin duka tsari ɗaya, `#,##0.0`. In kowace lamba na da gurbi ɗaya bayan ɗigo, kuma duk sun jingina dama, ɗigon zai sauko a miƙe, 300.0 a ƙarƙashin 1,250.0. Kilo kuma a rubuta shi sau ɗaya a kan jeri. Wanda ya buga "300kg" a gurbi ya sake mai da shi rubutu.

Baban Ummi: Ni dai tsakiya nake jera lambobina, kuma kowace sai na sa mata ₦, ya fi kyau.

Hajiya Akanta: Alhaji, a tsakiya 950 da 9,500 ba sa bambanta sai an ƙura ido. Alamar Naira kuma, in jerin duk Naira ne, kan jeri ya wadatar.

Auta: Hajiya in akwai Sefa da Naira a takarda ɗaya fa?

Ɗan Katsinawa: Jeri biyu, kowanne da sunan kuɗinsa a sama, na Sefa kuma ba a sa masa ɗigo da sifiri biyu. Amma har yanzu ba a janye jahilci ba.

Baban Ummi: To me ya sa dillalin bai bar fili ba, 1 250, kamar yadda Faransanci ya tanada?

Mai Riɗi: Yawwa Alhaji. An dai tabbatar laifin dillali ne, ya saɓa wa ƙa'idarsu ma. Na sa dabarar Hajiya, 1,562.5 ta fito. Gobe zan kira shi.