Wace kalma za mu ba karon da 'yan kurayen gwaji biyu ke liƙewa su tafi tare?

Malamin sakandare: Jama'a, ku taimaka mini. Ina koyar da irin karon da littattafai ke kira cikakken inilastik, ina neman sunan Hausa da yara za su kama. Ga abin da na rubuta musu a allo: 'yar kurar gwaji mai kilo 2 tana gudun mita 3 a daƙiƙa, ta bugi wata mai kilo 1 da ke tsaye, maganaɗisu ya haɗe su. Nauyi sau gudu ba ya canjawa, 6 ne kafin karo, 6 ne bayansa. Da suka zama kilo 3, gudunsu ya koma mita 2. Shi kuwa kuzarin motsi, ½mv², wato rabin nauyi sau gudu sau gudu, wanda ake aunawa da jul, ya sauko daga jul 9 zuwa jul 6. Da farko na ce musu "karo marar talewa", sai suka zuba mini ido, suna neman inda roba take.

Ɗalibar jami'a: Malam, me zai hana a ce "karon cinye kuzari"? Tunda cikakke ne, ai kuzarin duka ke tafiya.

Tsohon malamin kimiyya: 'Yata, sake duba lissafin. Jul 3 kaɗai suka tafi, kashi ɗaya cikin uku, kuma kurayen suna nan suna tafiya. Cikarsa ita ce an yi asara mafi yawa da za ta yiwu, ba wai an rasa duka ba. Idan ta biyun a tsaye take, kason da ya tafi shi ne m₂/(m₁+m₂), inda m₁ ke nufin nauyin ta farko, m₂ kuma nauyin ta biyun. In nauyinsu ɗaya, rabi ke nan. Sai idan sun yi gaba da gaba, nauyi sau gudunsu ya zo daidai, sannan su tsaya cik, kuzarin motsin ya ƙare ƙaf. Ni "karon manne" na fi so, domin ya faɗi abin da ido ke gani.

Makanike: Baba, mu a gareji "gwabzawa" muke cewa. An taɓa kawo mini motoci biyu da sai da muka sa sarƙa kafin gabansu ya rabu.

Tsohon malamin kimiyya: Gwabzawa tana nuna tsananin bugu, ba ta nuna an liƙe ba. Amma ka ba mu amsar inda jul 3 ɗin nan ke zuwa: lotsewar ƙarfe, ɗumi, da ƙarar da aka ji. Shi ya sa ba na son a ce kuzarin ya ɓace, ya sauya kama ne.

Ɗalibar jami'a: Na gane, Baba. To idan suka bugu, suka rabu, amma duk da haka kuzari ya ragu fa? Nan babu manne.

Malamin sakandare: Wannan kam har yanzu ba ni da sunansa. Gobe zan gwada "karon manne" a aji, in ba su kura biyu masu nauyi ɗaya, in ga ko za su gano rabin da kansu.